Anomi: yadda rugujewar Tarayyar Sobiyet ta ƙara yawan masu kashe kansu da masu kashe wasu

"Malam barka da aiki. A aji an ce mana wai idan rayuwa ta canza wa jama'a lokaci guda, ko da canjin na samu ne, sai a ga masu kashe kansu sun ƙaru, laifi ma ya ƙaru, wai shi ake kira anomi. Ni dai gani nake talauci ne kawai aka sake wa suna. Akwai inda abin ya taɓa faruwa da gaske har aka ƙirga?"

Barka kadai ɗan'uwa. Akwai, kuma an ƙirga shi ƙirga mai kyau, don ƙasar da abin ya faru ƙasa ce da ake rubuta kowace mutuwa da dalilinta, wato Rasha daga 1991 zuwa 1994. Amma kafin mu je can bari mu daidaita kalmomi, saboda Hausarmu tana da wani ruɗani a nan da yake ba ɗalibaina wahala duk shekara. Idan muka ce kisan kai, yawanci wanda ya kashe wani muke nufi. To a wannan amsar idan na ce kashe kai ina nufin mutum ya halaka kansa da kansa, idan kuma wani ne ya kashe wani zan ce kisan mutum, don kada mu cakuɗe biyun.

Kalmar anomi daga Girkanci take, ma'anarta rashin doka ko rashin ƙa'ida, wanda kuma ya shigo da ita ilimin zamantakewa Bafaranshe ne, Emile Durkheim, a 1893, sannan ya faɗaɗa ta a littafinsa na 1897 da ya yi kacokan a kan kashe kai. Dokar da yake nufi ta wuce ta kotu da ɗan sanda. Yana nufin wannan ma'aunin da kowa yake ɗauke da shi a ka ba tare da an rubuta ba, wanda yake gaya wa mutum cewa mai irin aikina ga abin da ya dace ya samu, ga inda burinsa ya kamata ya tsaya, in na yi kaza zan samu kaza, in na yi kaza mutane za su tir da ni. Ɗan Adam cikinsa yana ƙoshi amma burinsa ba ya ƙoshi, to jama'ar da yake ciki ce take sa wa burin linzami. Ranar da abubuwa suka juye da sauri fiye da yadda jama'a za su iya tsara sabon ma'auni, tsohon ya daina aiki sabon bai zo ba, wannan tsakanin shi ne anomi.

Durkheim ya kawo misalin birnin Biyenna na ƙasar Ostiriya, inda kasuwar hannun jari ta karye a 1873. Waɗanda suka kashe kansu a birnin 141 ne a 1872, suka zama 153 a 1873, suka kai 216 a 1874. Har nan kana iya cewa ai ga shi nan, asara ce, talauci ne. Sai dai ya nuna cewa a Italiya bayan haɗewar ƙasar a 1870, lokacin da ciniki da masana'antu suke bunƙasa kuɗi yana shigowa, nan ma adadin hawa ya yi. Ya kuma nuna wuraren da suka daɗe cikin fatara a zamaninsa irin Ailan da Kalabiriya ta kudancin Italiya, adadinsu ƙasa yake sosai. Wanda ya tashi cikin babu ya san iyakarsa, maƙwabcinsa ma haka yake, babu wanda yake ganin ya faɗo daga wani wuri. Wanda jiya yake da daraja yau ya wayi gari ba shi da ita, ko wanda jiya ba shi da ko sisi yau ya tsinci kansa cikin kuɗin da bai san yadda ake zama da su ba, su biyun nan ne ƙasa take zame wa.

Abin da ya faru a Rasha

A watan Disamba 1991 Tarayyar Sobiyet ta watse, ƙasar da ta yi kusan shekara 70, wadda Rasha ce mafi girma a cikin ƙasashen da suka haɗa ta. Ran 2 ga Janairu 1992 gwamnatin Boris Yeltsin, shugaban Rasha a lokacin, ta saki farashin yawancin kaya, waɗanda a da gwamnati ce take ƙayyade su. Kafin ƙarshen wannan shekarar hauhawar farashi ta kai wajen kashi 2,500 cikin ɗari, wato abin da ka saya rubul ɗaya a farkon shekara ya koma kusan rubul 26 a ƙarshenta.

Bari mu ɗauki mutum ɗaya mu bi shi, na ƙaga shi ne don misali amma kowane mataki nasa abu ne da ya faru ga miliyoyi. A ce ɗan shekara 45 ne, makaniken inji a wata masana'anta, a garin da masana'antar nan ita ce garin gaba ɗaya, kuma irin waɗannan garuruwa suna da yawa a Rasha. Ya yi shekara 20 yana tara kuɗi a bankin ajiya na gwamnati har ya haɗa rubul 10,000, kuɗin da a da za su saya masa ƙaramar mota. Raba 10,000 da 26, ka ga a ƙarshen 1992 abin da suka rage a ƙarfin saye bai kai rubul 400 na da ba. Babu ɓarawon da ya shiga gidansa, takardar ajiyarsa tana nan da lambar a rubuce, amma tarin shekara 20 ya narke. Abin da aka koya masa tun yana yaro, cewa ka yi haƙuri ka tara za ka ga amfani, shekara ɗaya ta ƙaryata shi.

Sannan ka san masana'anta a tsarin Sobiyet ba albashi kaɗai take bayarwa ba. Ita take ba ka gidan zama, ita ke da makarantar renon yaranka, da asibitin ma'aikata, da wurin hutun shekara, da kulob ɗin wasa, abokanka duk a nan suke, in ka yi shaye-shaye ka ƙi zuwa aiki shugaban sashenku da abokan aiki su za su kira ka su yi maka faɗa. Ba ina yabon tsarin ba ne, yana da zalunci da ƙarya da layin burodi, amma dai mutum ya san inda yake tsaye a cikinsa. To masana'antar mutuminmu ba a ma rufe ta ba, wanda ta wani ɓangaren ya fi muni. Yana zuwa aiki amma albashi sai a yi wata uku, wata shida ba a biya ba, wasu wuraren ma da kayan da masana'antar take ƙerawa ake biyan ma'aikata, su je bakin hanya su sayar. Ba korarre ba ne balle ya nemi wani abu, ba ma'aikaci ba ne balle ya ciyar da gida. An raba wa kowane ɗan ƙasa takardar hannun jari mai darajar rubul 10,000 a rubuce, wai rabonsa ne daga dukiyar ƙasa da za a sayar, da yawa ba su san me za su yi da ita ba suka sayar a banza, wasu ƙalilan suka tattara suka mallaki kamfanoni.

Yanzu duba abin da yake gani da idonsa. Saye da sayarwa don cin riba, a dokar Sobiyet laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa. Yau yaron unguwarsu da yake wannan harkar shi ne mai motar waje, shi ake gaisarwa, shi kuma injiniya da malamin jami'a suna tsaye bakin tashar jirgin ƙasa suna sayar da tsofaffin kayan gida. Abin da jiya ake jin kunyarsa yau shi ne wayo, abin da jiya ake alfahari da shi yau shi ne wauta. In ɗansa ya tambaye shi baba wace hanya zan bi, wallahi ba shi da amsa, kuma wannan rashin amsar ita ce zuciyar maganar.

Ga abin da ƙidaya ta nuna. Ana auna irin wannan ne da mutum nawa cikin kowane 100,000 a shekara, don a iya kwatanta ƙasa da ƙasa. A 1990 masu kashe kansu a Rasha wajen 26 ne cikin 100,000, a 1994 sun kai wajen 42, wato daga mutum kusan 39,000 a shekara zuwa sama da 60,000. Kisan mutum ya tashi daga wajen 14 zuwa sama da 30, ya ninka har da ƙari cikin shekara huɗu. Tsawon ran da ake sa ran namiji zai yi ya faɗo daga kusan shekara 64 zuwa ƙasa da 58. Irin wannan faɗuwar sai a lokacin yaƙi ko annoba aka saba ganinta.

Me ya sa ba talauci kaɗai ba ne

A nan nake so ka tsaya, don yadda ake bambancewa shi ne a tambayi su wa suka mutu kuma a ina. Idan yunwa ce da lalacewar asibiti suke kashe jama'a, jarirai da tsofaffi ne suke fara tafiya, ko'ina a duniya haka yake. A Rasha mutuwar jarirai ɗan motsi kawai ta yi, ta tsofaffi ma ba ta yi tsalle irin wancan ba. Waɗanda suka zube maza ne majiya ƙarfi, masu shekara 30 zuwa 60, musamman masu ƙarancin karatu da marasa aure, kuma a masu kashe kansu maza sun ninka mata wajen sau shida. Matan nan fa talaucin ɗaya suka sha, gida ɗaya suke kwana. Bambancin shi ne darajar namiji da abokansa da tsarin yininsa duk a wurin aiki aka ɗaure su, ita kuwa mace ko aikin ya lalace akwai yara da iyaye da maƙwabta da suke jiran ta, safiya tana yi ta san abin da za ta tashi ta yi.

Na biyu, wurin. Wani bincike da aka buga a 1998 ya kwatanta yankunan Rasha, ya samu cewa tsawon rai ya fi faɗuwa a yankunan birane masu ɗan arziki inda aka fi yawan kora da ɗaukar ma'aikata, wato inda guguwar canjin ta fi kaɗawa, har da Mosko da kewayenta, ba a yankunan da suka fi kowa talauci ba. Masanin laifuka William Pridemore da abokin aikinsa su ma sun bi yankunan ɗaya bayan ɗaya, suka ga inda tattalin arziki da zaman jama'a suka fi girgiza a nan kisan mutum ya fi hawa.

Na uku, lokacin. Bayan 1994 adadin masu kashe kansu ya fara sauka, alhali jama'a ba su yi arziki ba, sun dai fara gane yadda ake rawar sabon kiɗan ne. Sai a watan Agusta 1998 darajar rubul ta sake karyewa, bankuna suka durƙushe, adadin ya sake hawa zuwa kusan 40 a shekarun da suka biyo. Daga farkon shekarun 2000 ya yi ta sauka har ya koma ƙasa da 15 kafin 2020. Ka ga layin yana bin girgiza ne, yana hawa idan an jijjiga mutane, yana sauka idan ƙasa ta tsaya ko da a kan wahala ta tsaya.

Don haka talauci yana ciki, ba na cire shi, amma faɗowa cikinsa ba shiri tare da watsewar mutanen da suke riƙe ka ita ce take kisa irin wannan.

Ɓangaren laifi

Durkheim ya fi zurfafa a kashe kai. Wanda ya ja maganar zuwa laifi Ba'amurke ne, Robert Merton, a 1938. Shi cewa ya yi jama'a suna koya wa kowa buri, suna kuma koya masa halastacciyar hanyar cimma shi, to idan aka yi ta kururuta burin aka kuma toshe hanyar, mutane sukan rabu. Wasu su ci gaba da bin hanya ko ba ta kai su, wasu su riƙe burin su nemi ɓarauniyar hanya, wasu su saki burin da hanyar gaba ɗaya su koma kwalba ko ƙwaya. Rasha ta 1992 kamar don misalinsa aka yi ta. Dare ɗaya aka ce wa mutum miliyan 148 arziki shi ne mutunci, alhali albashi ba ya zuwa, ajiya ta narke.

Sai ka haɗa da cewa ita kanta hukumar ta yi rauni. Ɗan sanda shi ma albashinsa bai isa ba, kotu ba ta san yadda ake shari'ar bashi tsakanin 'yan kasuwa ba don a da babu 'yan kasuwar. In ka buɗe shago wani ya ci maka kuɗi wa za ka kai wa ƙara? Sai ƙungiyoyin ƙarti suka cike gurbin, tsofaffin 'yan dambe da 'yan kokawa da sojojin da suka dawo daga Afganistan, kana biyan su wata-wata su kare ka su kuma karɓo maka bashi. Har suna abin yake da shi a bakinsu, krisha, ma'ana rufin ɗaki. Amma kada ka ɗauka yawancin kisan na 'yan daba ne masu bindiga, mafi yawansa rigima ce tsakanin waɗanda suka san juna, a gida, ana cikin maye.

Akwai kuma wani abu da zai yi maka kama da gida. A wannan ruɗanin ne Sergei Mavrodi ya kafa MMM, yana alkawarin riba mai ninki, miliyoyin Rashawa suka zuba kuɗi, ya rushe a 1994. Shi dai wannan sunan da wannan mutumin ne suka iso Najeriya, aka rufe asusun mutane a Disamba 2016, a shekarar da tattalin arzikinmu ya shiga matsi naira ta faɗi. Mai ajiyar da ya ga banki na halal ya narkar masa da tarin shekara 20, ba wauta ce take kai shi irin wannan wurin ba, ma'aunin da zai gane wace riba ce mai yiwuwa wace ce ta ƙarya shi ne ya lalace masa.

Inda bayanin yake da rauni

Babbar hujjar masu ja da wannan fassarar ita ce giya, kuma hujja ce mai ƙarfi. A 1985 Mikhail Gorbachev, jagoran Tarayyar Sobiyet a lokacin, ya ƙaddamar da yaƙi da shaye-shaye, aka rage sarrafa giyar bodka aka tsaurara sayarwa, sai masu kashe kansu suka faɗo daga wajen 38 a 1984 zuwa wajen 23 a 1986. Aka watsar da shirin wajen 1988, a 1992 kuma gwamnati ta saki harkar giya ga kowa, bodka ta yi arha idan aka kwatanta da abinci. Don haka wasu masana tattalin arziki suna cewa kaso mai yawa na mutuwar 1992 zuwa 1994 mashaya ne da shirin Gorbachev ya jinkirta wa mutuwa, da aka sake buɗe famfo sai abin ya dawo. Ni ina ganin suna da gaskiya a rabi. Giyar ce hanyar da mutuwar ta bi, babu musu. Amma cire takunkumin giya shi kansa tsinkewar linzami ne, kuma arhar kwalba ba ta bayyana me ya sa adadin ya sauka bayan 1994 ya sake hawa bayan 1998, ko me ya sa ya fi tsanani inda aka fi jujjuya ma'aikata.

Rauni na biyu, ƙidayar yanki ba ta gaya maka abin da yake zuciyar mutum ɗaya. Don yanki ya girgiza kuma kashe kai ya ƙaru a cikinsa, ba shi ke nuna wane da ya mutu girgizar ce ta kashe shi ba. A matakin mutum ɗaya kusan kullum akwai ciwon damuwa ko shaye-shaye ko wata cutar ƙwaƙwalwa, abin da anomi yake bayyanawa shi ne me ya sa a wannan shekarar masu irin wannan raunin da yawa suka rasa abin da yake tare su. Shi Durkheim ɗin ma an soke shi a kan cewa ya yarda da alƙaluman hukuma fiye da kima, alhali inda kashe kai abin kunya ne iyali da likita sukan rubuta hatsari.

Na uku, ba kowace girgiza take haifar da haka ba. Finland, maƙwabciyar Rasha, ta shiga mummunan matsi a daidai wannan lokacin, rashin aiki ya tashi daga wajen kashi 3 cikin ɗari a 1990 zuwa sama da kashi 16 a 1993 da 1994, amma masu kashe kansu raguwa suka yi ta yi daga ƙololuwar 1990. Can wanda ya rasa aiki ana biyan shi tallafi a kan lokaci, ana sa shi a shirin koyon sana'a, hukuma da kotu suna nan yadda ya san su, kuma tun 1986 ƙasar take gudanar da shirin hana kashe kai na ƙasa baki ɗaya. Aljihu ya girgiza amma ƙa'idar zama ba ta motsa ba. A cikin Rasha ma yankunan Musulmi na Kaukasus irin Dagestan da Ingushetiya adadin masu kashe kansu ƙasa yake ƙwarai duk da suna cikin mafi talauci, saboda dangi da addini da ƙarancin giya, ko da yake ɓoyewa ma tana rage adadin da ake rubutawa, kuma yankin bai tsira daga wani irin tashin hankalin ba.

Abin da na gani a nan gida

Shekarun baya na yi aikin hira da tsofaffin ma'aikatan wata masaka da aka rufe a arewa, ba zan kama suna ba. Na je da tambayoyina a kan kuɗi, nawa kake samu da, nawa kake samu yanzu, amma abin da suka fi daɗewa a kai daban ne. Wani dattijo ya ce min shekara da shekaru jiniyar masaka ce take tashinsa, bayan an rufe sai ya riƙa farkawa a daidai lokacin ya sa kaya ya zauna bakin gado. Ya ce da in ana maganar aure a danginsu shi ake fara kira, yanzu sai an gama yake ji. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne wanda ya ce ya daina yi wa ɗansa faɗa a kan abokan banza, saboda ranar da ya yi, yaron ya ce masa kai da ka bi gaskiya shekara 25 me ka samu. Na kuma lura waɗanda suka fi tsayawa da ƙafafunsu ba lallai su ne masu ɗan abin hannu ba, su ne waɗanda suke da wani matsayi a wajen masaka, ladanin masallacin unguwa, ma'ajin adashi, mai sasanta rigimar maƙwabta. Hira da mutane kaɗan ba ƙidaya ba ce, ba zan gina hukunci a kanta ba, amma ta sa na daina fara tambaya da kuɗi.

Kuma ka yi hattara da masu cewa kashe kai ya ninka a Najeriya tun da aka cire tallafin mai a 2023, ko masu cewa mu Musulmi ne abin ba ya faruwa a cikinmu. Yawancin mace-macenmu ba a yi musu rajista, ana rasuwa da safe a binne kafin azahar, iyali suna rufawa don gudun abin faɗa, kuma dokokin laifi na ƙasar sun daɗe suna ɗaukar yunƙurin kashe kai a matsayin laifin da ake hukuntawa, wanda yake sa mutane gudun asibiti. Yawan labari a soshiyal midiya yana iya zama yawan waya ne. In kana so ka auna anomi a unguwarku da idon mai bincike, duba abubuwan da suke bayyane: shin har yanzu maganar dattijo tana tsayar da rigima, shin ana tambayar ina wane ya samo kuɗinsa kafin a ba shi mata ko a sa shi a sahun gaba, shin adashi da gayya da zumunci suna tafiya ko kowa tasa ta fisshe shi, shin matasa sun yarda karatu ko koyon sana'a yana kai mutum wani wuri. Kuma ka duba garuruwan da kuɗi ya faɗo wa kwatsam, irin wuraren haƙar zinariya, da ido ɗaya da waɗanda aka rufe wa masana'anta.

Abu ɗaya da ba zan rufe ban faɗa ba, tunda maganar rai ce. Imani yana karewa ƙwarai, amma mai imani ma yana kamuwa da ciwon damuwa kamar yadda yake kamuwa da hawan jini. Magidancin da ya rasa aiki ko jari ko matsayi kwanan nan, ya daina fitowa majalisa, barci ya ƙaurace masa, ya fara cewa shi nauyi ne a kan iyalinsa ko gara ba ya nan, ko ya kama rabar da kayansa yana sallama ba tafiya, kada a tsaya a kan yi haƙuri kawai. A tambaye shi kai tsaye cikin natsuwa ko yana tunanin halaka kansa, tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da abin da zai iya cutar da kansa da shi, a raka shi ga likita a ranar. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, da na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, in sun yi nisa babban asibitin da ya fi kusa ma ya isa a fara da shi.